Hanyar iyaka, jerin tarawa ko e^(rt): wanne za ka kama idan lissafin ƙaruwa ya kawo ka gaban lambar e?

Wanda ya fara karatun lambar e yawanci yana samun kansa da abubuwa uku a hannu kuma kowanne ana ce masa shine e. Littafi ɗaya ya ce e ita ce iyakar da (1 + 1/n)^n ke nufa idan n na ta girma ba tsayawa. Wani ya ce a'a, ka tara 1 + 1 + 1/2 + 1/6 + 1/24 haka haka. Kalkuleta kuma ba ruwanta, ka danna maɓalli ta ba ka 2.718281828 ka wuce, sannan a ce maka kuɗi ko ƙwayoyin cuta suna ƙaruwa da e^(rt). To duk ukun lamba ɗaya suke nunawa, wannan ba gardama, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma idan ka ɗauki wanda bai dace da tambayarka ba ko dai ka sha wahalar banza ko kuma ka fito da amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce.

Abubuwa huɗu zan auna su da su. Na farko tsada, ba ta kuɗi ba, yawan aikin da za ka yi kafin ka samu lambobi masu kyau bayan ɗigo. Na biyu juriya, wato idan aka matsa wa hanyar, n ya yi girma sosai ko pawa ta yi nisa, tana nan tsaye ko tana rushewa. Na uku sauƙin fahimta da sauƙin yi wa wani bayani. Na huɗu haɗari, wane irin kuskure ne ya fi kama mutane a kanta, kuma ta yaya za ka gane ka faɗa ciki. Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe domin kada lambobi su yi mana yawa: an ajiye 100,000 a kan ƙaruwar kashi 12 cikin 100 a shekara, na tsawon shekara 5. Ko wane irin kuɗi ne ba damuwa, kai ko ma ba kuɗi ba ne, duk abin da ƙarinsa ke komawa cikin uwa shi ma ya haifi nasa ƙarin lissafinsu ɗaya.

Hanya ta farko: iyakar (1 + 1/n)^n

Nan ne asalin maganar. A 1683 Jacob Bernoulli yana nazarin kuɗin ruwa mai hawa kan kansa ya ci karo da wannan tambaya: ka ajiye 1, ƙaruwa kashi 100 cikin 100 a shekara. Idan sau ɗaya za a lissafa maka a ƙarshen shekara kana da 2. Idan aka raba gida biyu, rabi a wata shida rabi a ƙarshe, to 1 ya zama 1.5, sannan 1.5 ɗin gaba ɗaya ya ƙaru da rabinsa ya zama 2.25. Ƙarin 0.25 ɗin nan daga ina ya fito? Ruwan da aka zuba a wata shida ne shi ma ya yi aiki a sauran wata shidan. Idan aka raba huɗu za ka samu 2.4414, kowane wata 2.6130, kullum wato n = 365 za ka samu 2.7146, kowace awa 2.7181. Kaga yana hawa amma hawan na raguwa, daga 1 zuwa 12 an samu ƙarin sama da 0.6, daga 365 zuwa 8760 ko 0.004 ba a samu ba. Wurin da yake nufa bai taɓa kaiwa ba shine e. Harafin kansa Euler ne ya saka mata daga baya, ya fito a bugu cikin littafinsa Mechanica na 1736.

Ta fannin fahimta babu wadda ta kama ƙafarta, saboda kowane ɓangare na fomular yana da ma'ana da za ka iya nuna wa mutum da yatsa. 1/n shine ɗan rabon da ake ƙarawa a kowane zagaye, pawa n kuma yawan zagayen. Abu biyu ne ke jan igiya, abin da ke cikin baka yana ƙanƙancewa zuwa 1, pawa kuma tana tafiya sama, babu wanda ya ci wani, sai suka tsaya a 2.718 da 'yan kai.

Kuma daga nan ne ake samun e^(rt) kai tsaye, ba daga sama ta faɗo ba. Fomular ƙaruwa ta ainihi ita ce A = P(1 + r/n)^(nt), P uwar kuɗi, r ƙaruwar shekara, n sau nawa ake lissafawa a shekara, t shekaru. Ka ce m = n/r, sai r/n ya zama 1/m, nt kuma ya zama m sau rt, gaba ɗaya abin ya koma P[(1 + 1/m)^m]^(rt). Idan n ya tafi m ma ya tafi, abin da ke cikin babbar bakar ya nufi e, sai ka rage da Pe^(rt). Layi uku kenan, kuma duk wanda ya bi su da biro sau ɗaya ba zai sake ruɗewa kan dalilin da yasa e ke shiga maganar ƙaruwa ba.

Amma idan lambobin e kake nema, gaskiya hanyar nan akwai tsada. Tazarar da ke tsakanin (1 + 1/n)^n da e kusan e/(2n) ce. Gwada da n = 1000, za ka samu 2.716924, saura 0.001358, e/2000 kuma 0.001359, kaga sun yi daidai. Ma'anar wannan ita ce duk lamba ɗaya da kake so ka ƙara bayan ɗigo sai ka ninka n sau goma. n miliyan ɗaya yana ba ka 2.7182805, wato lambobi biyar kacal ne daidai bayan ɗigo. Akwai dabarar rage aiki, ka ɗauki n ya zama pawar 2, misali 2^20 wanda ya ɗan wuce miliyan, sai ka yi ta ninka lambar da kanta sau 20 maimakon sau miliyan, amma fa dole ka riƙe lambobi da yawa bayan ɗigo tun daga farko saboda duk ɗan kuskuren da ka yanke a ninkin farko shi ma ninkuwa yake yi tare da amsar.

Wani abin amfani da ba a cika faɗa ba, hanyar tana da abokiyar tafiya da ke saukowa daga sama. (1 + 1/n)^(n+1) kullum ta fi e girma kuma tana raguwa, (1 + 1/n)^n kullum tana ƙasa da e tana hawa. A n = 1000 ta saman 2.719641 ce ta ƙasan 2.716924, to ka tabbata e na tsakani ko ba ka san ta ba. Idan kuma ka tsaya a tsakiya ka yi amfani da pawa n + 1/2, kuskuren ya faɗi zuwa kusan e/(12n²), da n = 12 kawai za ka samu 2.7197 maimakon 2.6130. Ni dai ina ganin wannan ya kamata a riƙa nuna wa ɗalibai tare da ta asalin.

Juriya kuma nan ne matsalar take, musamman a kwamfuta. Mutum zai ce tunda n babba ya fi kyau bari in saka mafi girma, sai ga abin da ke faruwa:

```python
for n in (1e6, 1e15, 1e16):
    print((1 + 1/n)**n)
# 2.71828046...
# 3.03503520...
# 1.0
```

Ba lissafin ne ya lalace ba, ma'ajiyar lambar ce ta cika. Kwamfuta a tsarin da aka saba tana riƙe kusan lambobi 16 ne, kuma lamba ta gaba da za ta iya ajiyewa bayan 1 tana nesa da ita da kusan 2.2 × 10^-16. Da n = 10^15, ba za ta iya ajiye 1 + 10^-15 daidai ba sai ta ɗauki mafi kusa, wanda ya kama kusan 1 + 1.11 × 10^-15, kuskuren kashi 11 cikin 100 kenan a ɗan ƙarin, sai amsar ta zama kusan e^1.11 wato 3.035. Da n = 10^16 kuwa ƙarin ya ɓace gaba ɗaya, 1 + 1/n ya zama 1 cif, 1 kuma ko sau nawa ka ninka shi 1 ne. Mafi kyawun abin da za ka samu yana wajen n = 10^8, daga nan abin baya yake yi. Alamar da za ka gane ka faɗa ramin nan mai sauƙi ce, a lissafi na gaskiya amsar ba ta taɓa kai e ba balle ta wuce, kuma ba ta taɓa raguwa idan n ya ƙaru. Duk ranar da ka ga amsar ta wuce 2.7183 ko ta ja baya, na'urar ce ta gaza. Maganinsa a rubuta `math.exp(n * math.log1p(1/n))`, saboda `log1p` an yi shi ne musamman domin kada ɗan ƙaramin ƙarin ya nutse cikin 1.

Haɗarin da ke kama ɗalibai a takarda kuma daban ne. Sai mutum ya ce ai 1/n na zuwa sifili, saura 1, kuma 1 a kowace pawa 1 ne, don haka iyakar 1 ce. Kuskuren shine an bar n na ciki ya gama tafiyarsa kafin n na waje ya tashi, alhali n ɗaya ne, tare suke tafiya. Duba waɗannan uku, duk cikinsu na nufar 1 kuma pawarsu na tafiya sama, amma (1 + 2/n)^n na zuwa e² wato 7.389, (1 − 1/n)^n na zuwa 1/e wato 0.3679, (1 + 1/n²)^n kuma shi da gaske 1 yake zuwa. Abin da ke yanke hukunci shine ɗan ƙarin sau pawa, a na farko 2, a na biyu −1, a na uku 1/n wanda ke mutuwa.

Hanya ta biyu: jerin 1 + 1/1! + 1/2! + 1/3! + ...

Alamar ! tana nufin ka ninka lambobi daga 1 har zuwa wannan lambar, 4! = 24, 5! = 120. Aikin a hannu ba wuya, ka fara da 1, ka raba da 1, amsar ka raba da 2, amsar ka raba da 3, kana yi kana tarawa. Jimlar na tafiya haka: 1, 2, 2.5, 2.6667, 2.7083, 2.7167, 2.71806, 2.71825, kuma idan ka kai 1/10! kana da 2.71828180, lambobi bakwai daidai bayan ɗigo da rabawa goma kawai. Kafin hanyar iyaka ta matso kusa haka sai n ya kai wajen miliyan 50. Don haka maganar tsada ma ba ta taso ba, wannan ita ce mai araha nesa ba kusa ba. Kuma tana zuwa da ma'aunin kuskurenta, idan ka tsaya a 1/n! abin da ya rage bai kai 1/(n! × n) ba, ka san inda kake ba sai ka duba amsa a wani wuri ba.

Kada ka ɗauka wata baƙuwa ce daban, daga cikin hanyar farko take fitowa. Idan ka buɗe (1 + 1/n)^n da ƙa'idar bainomiyal za ka samu

1 + 1 + (1/2!)(1 − 1/n) + (1/3!)(1 − 1/n)(1 − 2/n) + ...

wato jerin nan ne dai amma an ɗan rage wa kowane gaɓa nauyi. Idan n ya girma 'yan bakunan na matsawa kusa da 1, kowane gaɓa na ƙaruwa, kuma ana samun sabbin gaɓoɓi, shi yasa abin ke hawa kullum. Sannan tunda 3! ya fi 4, 4! ya fi 8, 5! ya fi 16, jimlar ba za ta kai 1 + 1 + 1/2 + 1/4 + 1/8 + ... ba, wanda shine 3. Abu yana hawa kuma akwai rufi a kansa, dole ya tsaya wani wuri. Hujjar cewa iyakar tana nan kenan, kuma ita ce mai tsabta, domin wasu suna ɗaukar ln, wato logarithm mai tushe e, su yi amfani da ƙa'idar L'Hôpital ta neman iyaka alhali ln ɗin nasu da e aka gina shi tun farko, kaga an yi zagaye an dawo gida ba a tabbatar da komai ba. Idan malaminka ya fara gina ln ta hanyar fili ƙarƙashin 1/x to babu laifi, amma ka duba tukuna.

A misalinmu rt = 0.12 × 5 = 0.6, jerin e^x kuma, da x = 0.6, shine 1 + x + x²/2! + x³/3! da sauransu. Wato 1 + 0.6 + 0.18 + 0.036 + 0.0054 + 0.000648 + 0.0000648 = 1.8221128. Sau 100,000 ya ba ka 182,211.28, amsar gaskiya 182,211.88. Gaɓa bakwai, a bayan takarda, kuskure bai kai 1 ba.

Inda ta gaza shine ma'ana. Ka nuna wa wanda bai san komai ba 1/24 da 1/120 ka ce wannan ƙaruwar kuɗi ce, zai kalle ka kawai. Haɗarinta kuma yana ɓoye a pawa mai ragi idan ta yi girma. Ka ce kwamfuta ta lissafa e^(−20) da jerin kai tsaye, gaɓoɓin suna tarawa suna ɗebewa bi da bi, mafi girmansu ya haura miliyan 43, amsar da ake nema kuma kusan 0.000000002 ce. Da lambobi 16 a ma'aji, kuskuren yanke lambobi a waɗancan manyan gaɓoɓi ya kai girman amsar kanta ko ya fi, sai ka samu shirme, wani lokaci ma da alamar ragi wadda e^x ba ta taɓa bayarwa. Gyaran shine ka lissafa e^20 da duk gaɓoɓinsa na tarawa ne, sannan ka raba 1 da shi.

Hanya ta uku: ka yarda da e, ka danna Pe^(rt)

Wannan ita ce ta masu sauri, `exp(0.6)` ko `=EXP(0.6)` a Excel, an gama. Tsada babu, juriya kuma mai kyau domin waɗanda suka rubuta `exp` sun riga sun toshe ramukan da muka gani a sama. Kuma tana sauƙaƙa tambayoyin da ke da wuya a fomular zagaye-zagaye. Yaushe abu zai ninka biyu? t = ln 2 / r, a kashi 12 cikin 100 shekara 5.78. Shekara biyu da wata bakwai da kwana tara? Ka mai da shi desimal ka saka, babu ruwanka da ko zagaye ya cika. Ƙaruwar ta canza a tsakiya? Ka tara pawoyin kawai.

Sai dai a nan ne kuskure mafi tsada yake, kuma ba ya ihu, amsar za ta fito lafiya lau kamar daidai. e^(rt) tana ɗauka cewa ana zuba ƙarin a kowane ƙiftawar ido. Idan yarjejeniyarka ta ce sau ɗaya a shekara ko kowane wata, to ba abin da ke faruwa kenan ba. Ga 100,000 ɗinmu bayan shekara 5:

| Yadda ake lissafawa | n | Abin da za a samu | Tazara da e^(rt) |
|---|---|---|---|
| sau ɗaya a shekara | 1 | 176,234.17 | 5,977.71 |
| kowane wata shida | 2 | 179,084.77 | 3,127.11 |
| kowane wata uku | 4 | 180,611.12 | 1,600.76 |
| kowane wata | 12 | 181,669.67 | 542.21 |
| kullum | 365 | 182,193.91 | 17.97 |
| ba yankewa | iyaka | 182,211.88 | 0 |

Abu biyu za ka karanta a nan. Wanda ya saka e^(rt) a kan yarjejeniyar shekara-shekara ya yi wa kansa alƙawarin kusan 6,000 da babu su. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ake zuga shi da cewa ai namu kullum muke lissafawa ba wata-wata ba, duk bambancin a shekara biyar ɗari biyar da 'yan kai ne a kan sama da dubu 180, kuma ko za su lissafa kowace daƙiƙa ba za su wuce layin ƙarshe ba. Ƙaruwar kashi 12 da ake lissafawa wata-wata daidai take da 12.68 a shekara, wadda ba yankewa kuma 12.75, rufin kenan. Saboda haka kashi 13 da ake lissafawa sau ɗaya a shekara ya fi kashi 12 ko sau nawa aka lissafa shi.

Akwai ɗan ma'auni da zai gaya maka tun kafin ka fara ko e^(rt) za ta wadatar, tazarar a matsayin kaso na amsar kusan r²t/(2n) ce. Na wata-wata: 0.0144 × 5 a raba da 24 ya ba da 0.003, wato kusan 547 a kan 182,212, teburin ya ce 542, ya yi kusa. Na kullum ya ba da 17.97 daidai wa daida. Na shekara ya ba da wajen 6,560 maimakon 5,978, ya ɗan zarce saboda r/n ba ƙarami ba ne a can, amma ya isa ya gaya maka kada ka kuskura. Lura r a ninke take da kanta, don haka idan ƙaruwa ta ninka biyu tazarar sau huɗu take ninkawa. A kashi 2 ko 3 cikin 100 da wuya ka ji bambancin, a kashi 40 ko 50 zai ba ka mamaki.

Kuma wannan ba a kuɗi kaɗai ba. A ce an ƙirga ƙwayoyin bakteriya an ga suna ƙaruwa da rabi kowace awa, wato sau 1.5. Sai wani ya ce ai su kullum cikin rabuwa suke, bari in saka r = 0.5 a e^(rt). Bayan awa 10 zai ce sun ninka sau 148, gaskiyar kuma 1.5^10 wato kusan sau 57.7. Bai yi kuskure ba da ya ce ƙaruwarsu ba ta yankewa, kuskuren shine 1.5 ɗin da aka auna ya riga ya haɗa da ƙarin kan ƙari na cikin awar, shi kuma ya sake ɗora wani a kai. Abin da ya kamata ya saka shine ln 1.5, kusan 0.405. Haka a misalin kuɗin, idan kana so ka yi amfani da e a kan kashi 12 na shekara-shekara ka fara mai da shi ln 1.12 = 0.11333, sai e^(0.11333 × 5) ta ba ka 1.7623, daidai da layin farko na tebur. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce r na e daidai yake da n × ln(1 + r/n). Da wannan ma lokacin ninkawa biyu ya koma shekara 6.12 maimakon 5.78, dabarar nan ta raba 72 da kaso kuma ta ba da 6, tsakaninsu ta faɗa. Hanyar gwada kanka mai sauri: saka t na zagaye ɗaya tak ka ga ko fomularka ta dawo maka da abin da aka auna. Idan aka ce 1.5 ita kuma ta ba ka 1.65, r ɗinka ba daidai ba ne.

A taƙaice ga su gefe da gefe:

| | Iyaka (1 + 1/n)^n | Jerin 1/k! | Pe^(rt) kai tsaye |
|---|---|---|---|
| Tsada | babba, lamba ɗaya sai n sau goma | ƙarama, gaɓa 11 lamba 7 | kusan babu |
| Juriya | tana rushewa a kwamfuta bayan wajen 10^8 | mai kyau, banda babbar pawa mai ragi | mai kyau sosai |
| Sauƙin fahimta | mafi sauƙi | sai da bayani | sauƙin yi, ma'ana a ɓoye |
| Babban haɗari | cewa amsar 1 ce | gaɓoɓi su cinye juna | saka r da bai dace ba |

To wa zai ɗauki wacce? Idan kai ɗalibi ne da ke son gane dalili, ko malami da zai gabatar da e a karon farko, ka fara da iyakar, ka yi teburin n = 1, 2, 4, 12, 365 da hannunka, ka buɗe ta da bainomiyal har ka ga rufin 3 ɗin nan, jerin zai fito da kansa ba sai ka haddace shi ba. Idan jarabawa ta ce ka tabbatar iyakar tana nan, wannan hujjar ce za ka rubuta ba L'Hôpital ba. Idan abin da kake so lambobin e ne ko e^x ba tare da kalkuleta ba, jerin za ka kama kada ma ka waiwayi iyakar. Mai rubuta manhaja ya bar wa `exp` aikinta, idan kuma dole sai ya ninka ƙananan ƙari masu yawa ya bi ta `log1p`.

Wanda ke riƙe da takardar bashi ko ta ajiya da aka rubuta sau nawa ake lissafawa, shi P(1 + r/n)^(nt) ce tasa da n ɗin da ke rubuce, e^(rt) amfaninta a wurinsa kawai ta nuna masa rufin da ba za a wuce ba, idan kuma tayi biyu yake kwatantawa ya mai da kowanne (1 + r/n)^n − 1 ya ga wanne ya fi a shekara. Mai aiki da abin da ba shi da ranar biya, yawan ƙwayoyin halitta, raguwar magani a jini, ruɓewar sinadari mai tururin nukiliya, shi e^(rt) ce ta dace da shi, da sharaɗin r ɗinsa ya fito daga ln na abin da ya auna. Idan kuma kana tsakani, ana lissafawa akai-akai kuma kana son gajeriyar hanya, lissafa r²t/(2n) tukuna, ka ninka da kuɗin, idan abin da ya fito bai kai ya dame ka ba ka yi amfani da e, idan ya kai ka koma fomular zagaye.